Yadda ake adana lissafin cinikin robot a MetaTrader domin haraji da rufe shekara

Robot, wato manhajar da ke ciniki da kanta a asusun foreks, kasuwar saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe, yana iya buɗewa da rufe ciniki ɗaruruwa a wata guda, kai kana barci ko kana shago. Idan Disamba ta ƙare, adadin da ke saman allo ba zai gaya maka nawa ka samu ba, domin a cikinsa akwai jarin da ka zuba, akwai abin da ka cire ka ci, akwai kuɗin da dillali ya yanka, wani lokaci har da garaɓasar da ba taka ba ce. Aikin da ke gabanka shi ne ka warware waɗannan ɗaya bayan ɗaya har lissafinka ya yi daidai da na dillali, ba bambancin ko santi ɗaya, sannan ka mai da shi naira. Zan bi hanyar da manhajar ciniki ta MetaTrader 5, in ambaci MetaTrader 4 inda suka bambanta, ga mutumin da ke zaune a Najeriya kuma asusunsa na dala ne.

Mataki na farko: raba tukwane kafin robot ya fara aiki

Rabin wahalar ƙarshen shekara daga farkon shekara take. Idan kana da robot biyu, ko robot ɗaya kai kuma kana taɓa ciniki da hannunka, ka buɗe wa kowanne asusunsa a wurin dillali. In hakan bai yiwu ba, ka shiga saitin kowane robot ka ba shi lambarsa ta daban a gurbin da yawanci ake rubuta `Magic Number`, ka kuma sa masa suna a gurbin `Comment` idan yana da shi. Cinikin da ka yi da hannu lambarsa sifili ce, da haka ake gane shi. Sai dai kada ka dogara da `Comment` kaɗai, domin idan ciniki ya rufe da kansa, manhajar dillali takan rubuta `sl` ko `tp` a wurin.

Haka nan banki. Ka ware asusun banki guda wanda ta nan kawai kuɗi ke fita zuwa dillali kuma ta nan yake dawowa. Idan kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara da na foreks suna bin ƙofa ɗaya, ranar da aka ce ka nuna inda naira dubu ɗari tara ta fito za ka kwana kana laluben bayanan banki. Kuma idan akwai kuɗin ɗan'uwa ko aboki a cikin jarin, a rubuta yarjejeniya tun ranar da ya bayar: nawa ya sa, kashi nawa ne nasa a riba da asara. Ba tare da wannan takarda ba, duk ribar da ta shigo da sunanka taka ce a idon mai duba lissafi.

Mataki na biyu: ciro tarihin ciniki kowane wata

A kwamfuta za ka yi wannan, ba a waya ba. Buɗe MetaTrader 5, danna `Ctrl+T`, akwatin `Toolbox` zai fito a ƙasa. Shiga `History`, danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi `Custom Period`, ka sa ranar farko da ta ƙarshe ta watan da ya wuce. Sake danna dama, ka je `Report`, ka ajiye iri biyu: `HTML` da kuma `Open XML` wanda Excel ke buɗewa. A MetaTrader 4 sunan wurin `Account History`, kuma abin da za ka zaɓa shi ne `Save as Detailed Report`.

Na `HTML` shi ne shaidarka. Kada ka gyara komai a cikinsa. Na Excel kuwa, ka kwafi wani ka yi aiki a kan kwafin. Ba su suna da tsari ɗaya, shekara sannan wata sannan lambar asusu, don su jeru da kansu a jaka. Ka ajiye a wuri biyu, ɗaya ba a kan kwamfutar hayar da robot ke zaune ba. Waccan kwamfuta, wadda ake kira VPS, idan kuɗin hayarta ya ƙare ba ka biya ba, kamfani yana iya goge duk abin da ke cikinta.

Na ce kowane wata don dalili. Wasu dillalai, musamman a MetaTrader 4, suna kwashe tsohon tarihi su dunƙule shi a layi guda idan ciniki ya yi yawa, kuma asusun robot ne ya fi saurin cika. Wasu suna rufe asusun da ya daɗe ba a taɓa shi ba. Dillali ma yana iya daina karɓar mutanen wata ƙasa, ko ya rufe gaba ɗaya. Wanda ya jira Janairu sai ya tarar watanni uku kawai suka rage a allo, sauran sai ya roƙa ta imel. Dillalai da yawa kuma suna turo bayanin wata-wata ta imel, mai taken `Monthly Statement`. Ka tara su a jaka guda, domin daga wurinsu suka fito kai tsaye, sun fi abin da ka ciro da hannunka ƙarfin hujja.

Rahoton MetaTrader 5 yana da sassa: `Positions`, `Orders`, `Deals`. Sashen `Deals` shi ne na lissafi. `Orders` umarni ne kawai, har da waɗanda aka soke ba a yi ciniki ba. `Positions` yana da sauƙin karantawa amma ba ya nuna shigar kuɗi da fitarsu. A `Deals` kuwa duk abin da ya taɓa kuɗinka yana da layinsa, kuma ginshiƙin `Balance` yana nuna abin da ya rage bayan kowane layi.

Idan robot biyu ne a asusu ɗaya kana buƙatar lambar kowanne, hanya mafi sauƙi ita ce wannan ɗan rubutun Python, a kan Windows, bayan ka girka kayan aikinsa da `pip install MetaTrader5 pandas`, MetaTrader 5 yana buɗe:

```python
import MetaTrader5 as mt5, pandas as pd
from datetime import datetime
mt5.initialize()
d = mt5.history_deals_get(datetime(2025,12,30), datetime(2027,1,2))
df = pd.DataFrame(list(d), columns=d[0]._asdict().keys())
df["time"] = pd.to_datetime(df["time"], unit="s")
df.to_csv("deals.csv", index=False)
mt5.shutdown()
```

Zai ba ka ginshiƙin `magic` da `position_id`. Na faɗaɗa ranakun da gangan don kada bambancin agogo ya yanke cinikin bakin shekara, sai ka cire rarar da hannu a Excel. Wanda robot ɗinsa ɗaya ne ba ya buƙatar wannan.

Mataki na uku: tankaɗe layuka

Yanzu ka buɗe kwafinka, ka ƙara ginshiƙi guda ka kira shi Iri. Layukan da `Type` ɗinsu `buy` ko `sell` ne, ciniki ne. Layukan da aka rubuta `balance` su ne masu buƙatar ido, domin abubuwa daban-daban suna ɓuya a ƙarƙashin wannan suna ɗaya: kuɗin da ka zuba, kuɗin da ka cire, kuɗin da ka tura daga wani asusunka zuwa wannan, ragin kamasho da ake mayar maka, gyaran kuskure daga dillali, da cajin da wasu ke yanka. Ka karanta `Comment` na kowanne ka rubuta irinsa da hannunka. A shekara guda ba su cika wuce talatin ko arba'in ba, aikin rabin awa ne.

Zubi da ciri ba riba ba ne, ba asara ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: mutum ya lissafa abin da ya cira zuwa banki ya ce shi ne samunsa. Wanda ya zuba dala dubu biyu ya yi asarar ɗari biyar ya cire sauran, bai samu dala dubu ɗaya da ɗari biyar ba, jarinsa ne ya dawo da giɓi. Wanda kuma ya ci ribar dubu ɗaya ya bar ta a ciki, ya samu, ko da bai taɓa ta ba.

Layin `credit` garaɓasar dillali ce. Ba ta shiga `Balance`, kuma galibi ba a cire ta. Ka bar ta a gefe, sai ranar da dillali ya mai da ita kuɗi na gaske sannan ta shiga samu. Ragin kamasho kuwa kuɗi ne da ya shigo, a lissafa shi.

Ga masu asusun da ba a yankar kuɗin kwana, wanda dillalai ke tallatawa a matsayin asusun Musulunci: ginshiƙin `Swap`, inda ake rubuta kuɗin da ake yanka ko ake ba ka idan ciniki ya kwana a buɗe, zai kasance sifili, amma wasu dillalai suna yankar wani cajin gudanarwa idan ciniki ya kwana fiye da wasu kwanaki, kuma yakan fito a layi na daban ko a cikin `Commission`. Ka neme shi. Ko da asusunka na yau da kullum ne, kada ka narkar da `Swap` cikin riba. Ka bar shi a ginshiƙinsa, wanda aka yanke maka daban, wanda aka ba ka daban, domin ranar da za ka kai wa malami tambaya a kan wannan kuɗi adadinsa zai fara nema.

Sannan ka duba kuɗin asusun. Idan an rubuta `USC` a saman rahoto, asusun santi ne, kowane adadi sai an raba shi da 100 kafin ya zama dala.

Mataki na huɗu: daidaita lissafi

Nan ne zuciyar aikin. Ƙa'idar guda ce: abin da ke asusu a farkon lokaci, a ƙara zubi, a debe ciri, a ƙara ribar ciniki bayan an cire kamasho da kuɗin kwana da sauran caji, dole ya ba da abin da ke asusu a ƙarshe. Kamar yadda mai shago ke ƙirga kuɗin aljihun tebur da yamma ya gwada da abin da yaro ya rubuta a littafi, in ba su haɗu ba babu tashi.

Mu ɗauki misali, alƙaluman na koyarwa ne. Wani ɗan kasuwa a Kano yana da robot ɗaya. Ranar 1 ga Janairu akwai dala 2,000 a asusunsa. A watan Maris ya ƙara 1,000. A Satumba ya cire 600. Da ya tara ginshiƙin `Profit`, cinikin da aka ci ya ba da 3,420, wanda aka faɗi ya cinye 2,190, saura 1,230. Kuɗin kwana da aka yanke masa 62 ne. Kamasho, a lissafinsa, 84.

Sai ya haɗa: 1,230 a debe 62 a debe 84, ya samu 1,084. Dubu biyu da dubu ɗaya, a cire ɗari shida, 2,400 ke nan. A ƙara 1,084, ya zama 3,484. Amma bayanin dillali na 31 ga Disamba ya ce 3,400. Dala 84 ta ɓace.

Giɓin da kansa yakan faɗi inda matsalar take. A nan giɓin daidai yake da kamashon da ya lissafa. Abin da ya faru shi ne, kowane ciniki a `Deals` layi biyu gare shi, na shiga mai alamar `in` da na fita mai alamar `out`. Riba tana fitowa ne a layin `out` kaɗai, shi ya sa ya tace ya bar su kawai. Dillalinsa kuwa yana yankar rabin kamasho a shiga, rabi a fita. Kamashon gaskiya 168 ne. Da ya gyara, ribar ciniki ta zama dala 1,000 cif, kuma 2,400 da 1,000 suka ba da 3,400. Lissafi ya tsaya.

A Excel, idan ka sa wa ginshiƙan sunaye, tarin ke nan, kuma ya haɗa duka `in` da `out`:

```
=SUMIFS(Commission,Type,"buy")+SUMIFS(Commission,Type,"sell")
```

Sauran giɓin da ake yawan gani ma suna da kamanninsu. Idan bambancin adadi ne zagayayye, kamar 10 ko 50 ko 200, nemi layin `balance` da ka tsallake ko ka sa a gurbin da ba nasa ba. Idan bambancin ya ninka wani adadi da ka sani sau biyu, alamar ƙari da ragi ka juya, wato ka ƙara ciri maimakon ka debe. Idan wata biyu a jere suka ƙi daidaita, ɗaya da ƙari ɗaya da ragi na adadi ɗaya, ciniki ne ya faɗa watan da ba nasa ba. Idan kuma ka kwafi rahotanni biyu da ranakunsu suka shiga juna, wasu layuka sun maimaitu: yi amfani da `Remove Duplicates` a kan lambar `Deal`, domin ita ba ta maimaituwa. In duk wannan bai fito da shi ba, ka ƙara ginshiƙin da ke tara kuɗi layi bayan layi, ka jera shi da `Balance` na dillali, ka gangara har layin farko da suka rabu.

Shi ya sa daidaitawa wata-wata ta fi ta shekara. Neman dala 84 a cikin layi ɗari uku aikin minti goma ne. A cikin layi dubu huɗu, yini ne.

Game da agogo: lokacin da ke cikin rahoto na uwar garken dillali ne, ba na Najeriya ba. Dillalai da yawa suna gaba da mu da awa ɗaya a lokacin sanyin Turai da Amurka, da awa biyu a lokacin zafi. Cinikin da robot ya rufe ƙarfe sha ɗaya da rabi na daren ranar ƙarshe ta wata a Kano yana iya fitowa da kwanan watan gobe. Shawarata, ka bi agogon dillali a dukkan lissafin, don ya zauna daidai da bayanansa, ka rubuta a shafin farko cewa haka ka yi.

Mataki na biyar: hoton ranar ƙarshe

Akwai abu ɗaya da ba za ka iya komawa baya ka ɗauko cikin sauƙi ba, shi ne halin cinikin da ke buɗe a lokacin da shekara ta ƙare. Ranar ciniki ta ƙarshe a Disamba, bayan kasuwa ta rufe, ka ciro rahoto ka kuma ɗauki hoton sashen `Trade`, inda `Balance` da `Equity` suke.

`Balance` yana lissafa cinikin da aka rufe ne kawai. `Equity` ya haɗa da na buɗe. A misalinmu, a ce `Balance` 3,400 ne amma `Equity` 3,120. Wato akwai asarar dala 280 da ke rataye, ba ta faɗo ba tukuna. A littafinka ribar shekara tana nan 1,000, ita kuwa 280 ka rubuta ta a ƙasa a matsayin bayani, tare da jerin cinikin da ke buɗe da farashin kowanne, domin akanta ya gani ya yanke yadda za a bi da ita.

Wannan ya fi shafar masu robot irin wanda ke ƙara ciniki a kan ciniki idan kasuwa ta juya masa baya. Irin wannan robot yana rufe ƙananan riba kullum, yana riƙe manyan asara a buɗe. Tarihinsa kore ne shar, alhali kuɗin da za ka iya cirewa yana raguwa. Idan kana rubuta `Equity` a ƙarshen kowane wata kusa da `Balance`, tazarar da ke faɗaɗa tsakaninsu za ta nuna maka tun kafin asusun ya ƙone. Kuma in kana raba riba da wanda ya sa kuɗi, kada ku raba a kan `Balance` kaɗai, zalunci ne ga wanda zai zauna da asarar.

Mataki na shida: mai da dala naira

Matakan haraji da naira aka tsara su, don haka dole ka san ribarka da naira. Ka zaɓi tushen farashi guda, ka tsaya a kansa shekara duka. Mafi sauƙin karewa shi ne farashin da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa a shafinsa kowace ranar aiki, domin kowa zai iya komawa ya duba. Farashin da aka faɗa maka da baki a kasuwar 'yan canji ta Wapa ba shi da takarda.

Ka buɗe shafi na biyu a Excel mai suna `Canji`, ranaku a ginshiƙi na farko daga tsohuwa zuwa sabuwa, farashi a na biyu. Ranar da ke rahoton MetaTrader rubutu ce, irin `2026.03.17 14:05:22`, sai an mai da ita kwanan wata na gaske. Layi na farko a nan yana yin haka, na biyu yana ɗauko farashin ranar:

```
=DATE(LEFT(A2,4),MID(A2,6,2),MID(A2,9,2))
=VLOOKUP(P2,Canji!A:B,2,TRUE)
```

`P2` shi ne gurbin da ka sa layi na farko. Kalmar `TRUE` tana sa idan ranar hutu ce babu farashi, ya ɗauki na ranar aiki da ta gabata, amma sai ranakun sun jeru daidai, in ba haka ba zai ba ka adadin banza ba tare da ya yi gargaɗi ba. Daga nan ka ninka abin da kowane layi ya kawo ko ya ci da farashin ranarsa.

Me ya sa ba za a ninka jimlar shekara da farashin 31 ga Disamba a huta ba? Mu koma misalin, mu raba shekarar huɗu don sauƙi, farashin ma na misali ne. Wata uku na farko robot ya ci dala 700 a kan naira 1,550, wato 1,085,000. Na biyu ya faɗi 300 a kan 1,500, wato asarar 450,000. Na uku ya ci 450 a kan 1,450, wato 652,500. Na ƙarshe ya ci 150 a kan 1,400, wato 210,000. Da dala jimlar 1,000 ce. Da naira 1,497,500. Da a ce an ninka dubun da farashin ƙarshen shekara, 1,400,000 za a samu. Bambancin naira 97,500, kuma a shekarar da naira ta yi faɗuwa mai tsanani, irin 2023 da 2024, bambancin zai juya ɗaya ɓangaren ya kuma fi haka girma nesa ba kusa ba.

Zubi da ciri kuwa, ka rubuta musu adadi biyu: dalar da rahoto ya nuna, da nairar da ta fita ko ta shigo banki a zahiri. Idan ta hanyar USDT ka bi, wato kuɗin kirifto da darajarsa ke bin dala, ka ajiye sarƙar duka: rasitin banki, shafin odar da ka saya ko ka sayar, da shaidar turawa zuwa dillali. Kuɗin da ya shigo daga sunan baƙo ba tare da wannan sarƙa ba yana da wuyar bayani, a banki ko a ofishin haraji. Abin da aka samu ko aka rasa wajen canjin jarin kansa a ba shi layinsa daban, kada a cuɗa shi da ribar robot.

Mataki na bakwai: kuɗin da aka kashe a waje, da takardar shafi ɗaya

Rahoton dillali bai san hayar VPS ba, bai san kuɗin da ka sayi robot ba, bai san kason da ka biya wanda kake kwafar cinikinsa ba. Waɗannan sai ka tara rasitinsu da kanka, da nairar da banki ya cire a zahiri. A misalinmu, a ce VPS naira 18,000 ne a wata, 216,000 a shekara, lasisin robot na shekara kuma 225,000. Jimla 441,000. A cire daga 1,497,500, saura 1,056,500. Ka sa abin da aka kashe don wannan sana'a kaɗai. Datar da iyali duka ke amfani da ita ba ta shiga gaba ɗayanta, kuma hukumar haraji ce ke da ta cewa a kan abin da za ta amince a cire.

Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta tsara harajin mutum ɗaya hawa-hawa: naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 a kan abin da ya wuce miliyan 50. Mazaunin Najeriya kuma ana lissafa masa abin da ya samu ko daga wace ƙasa ya fito, don haka kasancewar dillali a waje ba ya fitar da ribar daga lissafi. Idan mutuminmu ba shi da wani samu sai wannan, abin da ya haura 800,000 shi ne 256,500, harajinsa 38,475. Idan kuwa shagonsa ya riga ya ba shi naira miliyan 3 da ake yi wa haraji, ribar robot ta hau kai ta faɗa hawan kashi 18, wato 190,170. Riba ɗaya, haraji kusan ninki biyar. Saboda haka kuɗin da za ka ware domin haraji ya dogara da sauran samunka, kuma gara a ware shi tun ana cire riba.

Mutum ɗaya yana kai bayanin samunsa ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune, kamar ta Kano ko ta Kaduna, kuma wa'adin shi ne 31 ga Maris na shekarar da ta biyo baya. Wanda ya yi rajistar kamfani kuma asusun da sunan kamfanin yake, lissafinsa na hukumar tarayya ne, da ƙa'idoji na daban. Shekarar da aka yi asara ma a rubuta ta da irin wannan kulawa, a kai bayaninta, domin asarar da ba ta da takarda ba za a saurare ta ba daga baya.

Abin da za ka miƙa wa akanta shafi ɗaya ne a sama, sauran a bayansa. A shafin ka rubuta sunan dillali da lambar asusu da kuɗin asusun, abin da ke ciki a farko da a ƙarshe, jimlar zubi da ciri da dala da naira, riba da kamasho da kuɗin kwana kowanne a layinsa, kuɗin da aka kashe a waje, `Equity` na ranar ƙarshe, sai jimla biyu da ke faɗin agogon da ka bi da inda ka ɗauko farashin canji. A baya kuma rahotanni goma sha biyu, bayanan banki, da rasitai. Idan akanta yana son ya leƙa asusun da kansa, ka ba shi kalmar sirri ta kallo kawai, wadda MetaTrader ke kira `Investor`, da ita ana ganin komai amma ba a iya ciniki. Jakar duka ka riƙe ta aƙalla shekara shida, kuma kafin ka rufe kowane asusu a wurin dillali ka zaɓi `All History` ka ciro tarihinsa gaba ɗaya, domin da zarar an rufe shi kalmar sirrinka ba za ta sake buɗe shi ba.